Kalar abinci da sinadarin benzuwet: Shin suna sa yara ƙiriniya? Abin da bincike ya nuna

Duk wanda ya wuce ƙofar makarantar firamare a Samaru ko Sabon Gari da lokacin tashi ya san abin da yara ke kashe kuɗin tararsu a kai: alawa ja da kore, ƙanƙara mai zaƙi a leda, garin lemo da ake lasa a tafin hannu har harshe ya rine, da lemon kwalba ga mai ɗan hali. Iyaye da malamai da dama na cewa waɗannan abubuwa ne ke hana yara natsuwa. Masana sun shafe fiye da shekara 50 suna gwada wannan zargi, kuma amsar da suka samu ba "i" ce kai tsaye ba, ba kuma "a'a" ba ce. A taƙaice, akwai hujja cewa wasu kaloli na masana'anta suna ƙara wa wasu yara rawar kai kaɗan, hujjar da ke kan benzuwet shi kaɗai mai rauni ce, kuma babu gwajin da ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu ne tushen larurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD.

Sinadaran da ake magana a kai

Abu biyu ne daban ake yawan haɗawa a zance ɗaya. Na farko shi ne sodiyam benzuwet, wanda lambarsa a jikin kaya ita ce E211. Aikinsa hana yis da fumfuna yaɗuwa, kuma ya fi aiki a cikin abin sha mai tsami, shi ya sa ake samunsa a lemon kwalba, ruwan 'ya'yan itace na kwali da wasu magungunan yara na ruwa. Idan ya shiga jiki, hanta na haɗa shi da wani sinadari, ya fita ta fitsari cikin yini guda.

Na biyu su ne kalolin da ake haɗawa a masana'anta daga sinadaran man fetur. Ba su hana lalacewa, ba su ƙara ɗanɗano, ba su gina jiki. Ado ne kawai don jan ido. Guda shida ne suka yi suna a wannan muhawara: tatrazin mai launin ɗorawa, E102, kwinolin yalo, E104, sanset yalo mai launin lemo, E110, da jajaye uku, wato kamoyisin, E122, fonso 4R, E124, da alura, E129.

Inda zargin ya samo asali

A 1973 wani likitan yara a birnin San Francisco na Amurka, Benjamin Feingold, ya shaida wa taron likitoci cewa ya cire kala da wasu sinadarai daga abincin yara masu ƙiriniya, kuma da yawansu sun natsu. Ya faɗaɗa batun a littafin da ya fitar a 1975, iyaye dubbai suka rungumi tsarinsa. Matsalar ita ce iyayen sun san an canza abincin, kuma suna jiran ganin sauyi. Mai jiran ganin abu kuwa, sau da yawa yakan gan shi ko babu.

An nuna ƙarfin wannan tsammani a wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1994. An shaida wa wasu iyaye mata cewa an ba 'ya'yansu maza sukari mai yawa, alhali ba a ba ko ɗaya sukari ba. Waɗanda aka faɗa wa haka sun ce yaran sun ƙara ƙiriniya, kuma an ga su da kansu suna yawan tsawata wa yaran. Saboda haka ne masana ba sa karɓar shaidar ido kawai. Gwajin da ake yarda da shi shi ne wanda ake ba yaro abin sha mai sinadarin a wani mako, a ba shi na wofi mai kama da shi a wani makon, ba tare da yaron ko iyayensa ko mai auna halinsa sun san wanne ne wanne ba. Da aka gwada tsarin Feingold ta wannan hanya, yawancin tasirin ya ɓace. Wani nazari da ya haɗa bincike 23 a 1983 ya samu bambanci ɗan ƙanƙani ƙwarai, masana da dama suka ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. A 1994 masu bincike a Melbourne ta Ostareliya sun ba yara 54 tatrazin a ɓoye cikin ƙwayar magani, daga miligiram 1 zuwa 50, na tsawon kwana 21. Yara 24 sun nuna sauyi a fili a ranakun da suka sha kalar: saurin fushi, rashin zama wuri ɗaya da rashin barci mai kyau. Sai dai yawancin yaran an zaɓo su ne daga waɗanda tun farko ake zargin kala na damunsu, don haka ba za a ɗauki sakamakon a matsayin na dukkan yara ba.

Gwajin Southampton dalla-dalla

Binciken da ya sauya dokoki shi ne na Jami'ar Southampton a Birtaniya, ƙarƙashin Farfesa Jim Stevenson, wanda mujallar The Lancet ta wallafa a 2007. Hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ce ta ɗauki nauyinsa. Abin da ya bambanta shi shi ne ba a zaɓo yara masu larura ba. Yaran gari ne kawai: 153 'yan shekara uku, da 144 'yan shekara takwas zuwa tara.

Tsawon mako shida aka cire kalolin da benzuwet daga abincin yaran. Kullum kowane yaro na shan ruwan 'ya'yan itace da masu binciken suka kawo. A wasu makonni ruwan zalla ne, a wani mako yana ɗauke da haɗi na farko, a wani kuma haɗi na biyu. Haɗi na farko ya ƙunshi sanset yalo, kamoyisin, tatrazin da fonso 4R, jimilla miligiram 20 ga ƙananan yara, kimanin 25 ga manya. Na biyu ya ƙunshi sanset yalo, kamoyisin, kwinolin yalo da alura, miligiram 30 ga ƙanana, kimanin 62 ga manya. Kowane haɗi an zuba masa miligiram 45 na sodiyam benzuwet. Iyaye da malamai sun cike takardar auna hali, ƙwararru sun zauna a aji suna lura, manyan yaran kuma sun yi gwajin mai da hankali a kwamfuta. Daga nan aka haɗa makin duka ya zama ɗaya.

Ga abin da ya fito. A 'yan shekara uku, haɗi na farko ya ƙara ƙiriniya, na biyu bai nuna tabbataccen bambanci ba. A manyan yara, idan aka duba waɗanda suka shanye aƙalla kashi 85 cikin ɗari na abin shan, haɗin biyu duka sun nuna ƙari. Girman ƙarin a ma'aunin masana ya kama daga 0.12 zuwa 0.20. Don a fahimci wannan adadi: tazarar da ke tsakanin yaro mai ADHD da wanda ba shi da ita ta kai wajen 2 a ma'aunin. Ke nan abin da aka gani bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wannan tazara ba.

Adadin nan matsakaici ne na yaran duka, kuma a nan ne mutane ke yawan kuskuren fahimta. Ba wai kowane yaro ya ƙara ƙiriniya kaɗan ba ne. Wasu ba su canza ko kaɗan ba, wasu sun canza sosai, har akwai waɗanda suka fi natsuwa a makon kalar. A 2010 masu binciken sun sake duba ƙwayoyin gadon yaran, suka ga cewa tasirin ya fi bayyana ga masu wani bambanci a ƙwayar gadon da ke kula da rushe histamin, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin borin jini, wanda kuma ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen farkawa da barci. Wannan alama ce ta dalilin da ya sa yara suka bambanta, amma bai kai gwajin da likita zai yi wa yaro a asibiti ba.

Gwajin na da giɓi babba guda ɗaya: an zuba kaloli huɗu da benzuwet a kofi guda. Don haka ba zai iya faɗin wanne ne mai laifi ba, ko kala ɗaya, ko duka, ko benzuwet. Haka abin yake a gwajin da ya gabace shi a tsibirin Isle of Wight, wanda aka wallafa a 2004 kan yara 277 'yan shekara uku: haɗi aka ba su, iyaye sun ga bambanci, amma gwajin da ƙwararru suka yi a asibiti bai gani ba.

Benzuwet shi kaɗai

Masu bincike a Hong Kong sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi. A binciken da suka wallafa a 2013 sun raba sinadaran: yara 130 'yan shekara takwas zuwa tara sun sha kaloli a wani lokaci, benzuwet shi kaɗai a wani lokaci, da ƙwayar wofi a wani. Ba su samu tabbataccen bambanci a halin yaran ba, ko daga kalar ko daga benzuwet. Bincike ɗaya ba ya rufe magana, amma ya nuna cewa sunan benzuwet ya shiga zargin ne galibi saboda tafiya tare da kaloli a Southampton. Zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo masa farin kai.

Idan aka haɗa binciken duka

A 2012 Joel Nigg da abokan aikinsa a Amurka sun tattara gwaje-gwaje 24 kan kalar abinci. Bisa rahoton iyaye, girman tasirin ya kai 0.18, ya sauka zuwa 0.12 bayan an yi la'akari da cewa binciken da bai samu komai ba sau da yawa ba a wallafa shi. Sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na yara masu ADHD na iya samun ƙarin alamomi saboda kala. A 2021 hukumar auna haɗarin lafiya ta jihar Kalifoniya ta duba gwaje-gwaje 25 da aka ba yara kala da gangan: 16 sun nuna wata alaƙa, 13 daga ciki da ƙarfin da ya wuce a ce katari ne. Hukumar ta yanke cewa kalolin na iya shafar halin wasu yara.

Hukumomi sun kalli hujja ɗaya, suka ɗauki matakai daban. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2008 hujjar Southampton ba ta isa a canza ƙa'idar adadi ba. Duk da haka 'yan majalisar Turai sun sa doka cewa daga Yulin 2010 duk abincin da ke ɗauke da ɗaya daga kaloli shidan nan ya rubuta gargaɗi cewa yana iya shafar kuzari da mai da hankalin yara. Ba a sa benzuwet a gargaɗin ba, domin shi yana da aikin kare abinci. Kamfanoni da yawa sun gwammace su canza kala da su rubuta gargaɗin. A Amurka, kwamitin hukumar FDA ya ƙi amincewa da irin wannan gargaɗi a 2011 da ƙuri'a 8 da 6, amma a 2024 Kalifoniya ta yi dokar cire kaloli shida daga abincin makarantun gwamnati daga ƙarshen 2027.

Shari'ar Fanta da Sprite, da abin da ba ta ce ba

A Nijeriya sunan benzuwet ya shiga bakin jama'a ne a 2017. Wani ɗan kasuwa, mai kamfanin Fijabi Adebo Holdings, ya kai lemon kamfanin NBC Birtaniya a 2007, hukumomin can suka ƙwace Fanta da Sprite saboda yawan sinadari ya wuce ƙa'idarsu. Babbar Kotun Jihar Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Adedayo Oyebanji, ta umarci NAFDAC ta sa kamfanin ya rubuta gargaɗi cewa kada a haɗa lemukan da bitamin C. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta bayyana cewa ƙa'idar Nijeriya miligiram 250 ce a kowane kilo, ta Birtaniya 150, kuma abin da aka samu a lemukan, tsakanin 161 da 201, bai wuce tamu ba. Dalilin da ta bayar na bambancin shi ne zafin ƙasa, wanda ke sa abin sha saurin lalacewa.

Abin lura shi ne shari'ar ba kan halin yara aka yi ta ba. Damuwar ita ce benzuwet da bitamin C, idan suka daɗe tare a kwalba cikin zafi da hasken rana, suna iya haifar da ɗan benzin, sinadarin da ke jawo sankarar jini ga wanda ya daɗe yana ɗaukarsa da yawa. Magana ce ta daban, kuma darasinta ga mai shago a kasuwar Sabon Gari shi ne kada ya jibge lemo a rana.

Lissafi kan yaro guda

Ɗauki yaro ɗan shekara uku mai nauyin kilo 15, da kwalbar lemo mai santilita 35. Idan lemon na ɗauke da iyakar da doka ta yarda, miligiram 250 a kilo, kwalbar na da kusan miligiram 88. Ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce miligiram 5 a kowane kilo na nauyin jiki a yini, wato 75 ga wannan yaro; kwalba ɗaya ta ɗan haura. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya kuwa ya ɗaga tasa ƙa'idar zuwa 20 a 2021, wato 300 ga yaron. Kwalbar ba ta kai sulusi ba. Waɗannan ƙa'idoji ba layin guba ba ne. Adadi ne da ake ganin mutum zai iya ɗauka kullum tsawon rayuwa ba tare da illa ba, kuma yawancinsu an gina su ne kan gwajin dabbobi da ke duba hanta, ƙoda da girma, ba natsuwa a aji ba.

A ɓangaren kala, a ƙaddara abin sha na ɗauke da miligiram 50 a lita. Santilita 35 za ta ba da miligiram 17.5, dab da 20 ɗin da aka ba 'yan shekara uku a Southampton. Idan aka ƙara alawa da ƙanƙara, an wuce. Ke nan adadin gwajin ba wani abu ne na ƙetare hankali ba. Yaro na iya kai shi a yini guda, musamman ranar salla ko biki.

Kayan kamfani masu lambar NAFDAC aƙalla suna rubuta abin da ke ciki, ko da suna ko da lamba. Inda ba a iya yin wannan lissafi shi ne kayan da ake haɗawa a gida a ɗaura a leda: ƙanƙara, kek, alawa, da zoɓon da aka ƙara wa garin lemo. Jan zoɓo daga furen yakuwa yake, ba ya buƙatar kala. Kalar da ake sayarwa a shagunan kayan kek mai ƙarfi ce ƙwarai, kuma mai auna ta da ido ko da cokali na iya zuba ninkin abin da masana'anta za ta zuba. Mai wannan sana'a da ta rage kala ba ta rasa ɗanɗano ko kaɗan ba.

Yadda iyaye za su gane ko ɗansu na cikin masu jin tasirin

Babu gwajin jini da ke nuna hakan. Hanya ɗaya ita ce a cire, a lura, a mayar, a sake lura. A fara da mako biyu ba tare da canza komai ba, ana rubuta abu uku kullum: lokacin da yaro ya yi barci, yawan fushi ko faɗa, da ko ya iya zama ya gama aikin gida. Sai a cire lemo mai kala, alawa, ƙanƙara da garin lemo na mako biyu zuwa uku, a maye su da kunu, fura, zoɓon gida, dabino ko lemon ɓawo. A ci gaba da rubutu. Idan an ga sauyi, a mayar da abu ɗaya na kwana uku a ga ko halin ya dawo, sannan a maimaita aƙalla sau biyu, domin sau ɗaya na iya zama katari.

Wurare uku ne wannan gwaji ke ɓaci. Na farko tsammani: shi ya sa ya kamata a roƙi malamin aji ko na Islamiyya ya faɗi yadda yaron yake kowane mako, ba tare da an gaya masa lokacin da aka cire ko aka mayar ba. Na biyu lokaci: kada a yi shi da hutu, salla ko rashin lafiya, domin komai na canzawa a lokacin. Na uku kafin, sinadarin da ke cikin lemon kola da lemon ƙara kuzari, wanda shi tabbas yana hana barci. Idan aka cire shi tare da kala, ba za a san wanne ya yi aiki ba. Kada kuma a faɗaɗa hani ya kai ga madara, ƙwai ko 'ya'yan itace ba tare da likita ba, kuma kada a hana yaro maganin da aka rubuta masa don kawai ruwan maganin ja ne.

Idan an cire kala kuma babu abin da ya canza, wanda shi ne zai faru ga yawancin yara, sai a nemi dalili a wani wuri. Ƙarancin barci, zuwa makaranta da yunwa, ƙarancin jini, rashin ji ko gani sosai, da tashin hankali a gida duk suna hana natsuwa. Haka nan gubar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma ko kaɗan ɗinta na taɓa ƙwaƙwalwa. ADHD kanta gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta. Yaron da rashin natsuwarsa ya wuce wata shida, yana bayyana a gida da makaranta, yana kuma hana shi karatu, ya kamata likitan yara ya gan shi. Mazauna Samaru da Sabon Gari na da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. A tafi da takardar da aka rubuta ta makonnin nan. Za ta fi amfanar likita fiye da cewa kawai yaron ba ya ji.